Jinyar Malam a Lissafe

Shekarar da jikata ta nemi aikin kula da marasa lafiya a Kazaure, mai buga takardu ya ce kowane layi a takardar neman aikin sai da lamba, wato adadin abin da mutum ya yi. Ita kuwa jinyar Malam, mijina, kaɗai ta taɓa yi.

Ta dawo garinmu Gwiwa ta ce, "Iya, mutum ɗaya na yi wa jinya, shi ma ya rasu. In rubuta goma?"

Na ce, "Sauran taran 'yan gidan wa? Ƙirga abin da hannunki ya yi."

Muka ƙirga: magani sau uku kullum, juya shi duk awa biyu, shekara huɗu ba gyambon kwanciya.

Suka ɗauke ta. Malam, da ransa ko sannu bai taɓa yi mata ba, sai daga kabari ya samo mata aiki.