Ƙundun Yaya a Kan Sikeli

Shagon abincina na Unguwar Sarki ba nawa ba ne, na yayan mijina ne. Shi ya ba ni makullin, ya ce ba ya son haya, sai dai mu raba riba. Ina dafa shinkafa da miya da soyayyar kaza, ma'aikatan ofisoshi su zo su ci, kafin la'asar tukwane sun zama wayam. Ciniki kam har maƙwabta na taya ni murna. Riba ce dai ba mu taɓa haɗuwa da ita ba, ni da Yaya.

Yaya tsohon mai binciken kuɗi ne na gwamnati. Ya yi ritaya, amma binciken bai yi ritaya ba, don ko lemo ka ba shi sai ya tambayi nawa aka sayo. Da aka rufe shekara ba a ga abin rabawa ba, sai ya kira ƙanensa ya ce akwai ɓarna a kicin ɗina, kuma wani mai sayar da wayoyi na son shagon, zai biya haya a dunƙule. Ya ce zai zo da kansa ya auna nama ya gano inda yake zurarewa. Idan laifina ne, in ajiye makulli.

Na ji tsoro ƙwarai. Da shagon nan nake biyan kuɗin makarantar yara, kuma a nan na fara jin ana kirana Hajiya ba don na je Makka ba.

Akwai kuma abin da na sani wanda ba ni da bakin faɗa. Kullum da azahar facalata, wato matar Yaya, takan biyo da wata babbar kula mai hawa uku. A hawan sama nakan zuba ƙundu da hantar duk kajin da aka yanka ranar, domin ƙundu na babban gida ne. A na tsakiya cinya biyu da ƙirji biyu. A na ƙasa wuya da ƙafafu da ƙashin baya, na farfesun dare. Ba wanda ya taɓa cewa in yi haka. Ranar buɗe shago na aika don girmamawa, washegari kular ta dawo a wanke, kuma tun daga nan ba ta yi fashi ba ko ranar da ake ruwa. Mijina, wanda shi ma ana ce masa mai gida, ya manta kamannin ƙundu.

Na ce da shi ya gaya wa yayansa. Ya ce, "Ni in ce wa Yaya yana cin kaza da yawa? Ke dai ki faɗa masa." Ni kuwa wan miji ko sunansa ba na faɗi, in mun haɗu ma idona na ƙasa.

Ranar Asabar Yaya ya iso da hantsi, da babbar riga da sikeli mai batir a cikin kwali. Ya sa aka ajiye masa kujera a bakin kicin, ya naɗa mijina mai karanta sikeli, ni kuma mai yanka. Ya yi gyaran murya ya kafa doka.

"Yau duk abin da ya shigo kicin ɗin nan sai ya hau sikeli, duk abin da zai fita ma sai ya hau. Babu sani, babu sabo."

Muka fara da naman shanu na miya. Tun farko ina sayen mai ƙashi, haƙarƙari da makamantansa, kilo naira dubu shida, ina ganin na yi wa mahauci wayo tunda tsoka zalla ta cinya dubu bakwai da ɗari biyar ce. Yaya ya sa aka sayo kilo biyu-biyu na kowanne. Na cire wa mai ƙashin ƙashinsa da kitse da jijiya, mijina ya karanta kilo ɗaya da giram ɗari biyu. Aka dafa, ya tsuke ya koma giram ɗari takwas. Da aka yanka daidai girman da nake sa wa mutane a faranti, giram hamsin-hamsin, sai ga yanka goma sha shida. Tsokar cinya kuwa ɗan abin da na share bai wuce giram ɗari biyu ba, bayan dahuwa ta tsaya kilo ɗaya da ɗari biyu, ta ba da yanka ashirin da huɗu.

Yaya ya danna wayarsa. "Dubu goma sha biyu a raba goma sha shida, kowane yanka ɗari bakwai da hamsin. Dubu goma sha biyar a raba ashirin da huɗu, ɗari shida da ashirin da biyar. Amarya, mai arhar nan taki ita ce mai tsadar. Ƙashi kike saye da kuɗin nama."

Na ce ƙashin yana ba ni romo. Ya ce romon nawa nake sayarwa? Gaskiya ya faɗa, kuma na ƙaru. Sai dai yadda ya gyara hula yana duban ƙanensa ya sa na fara hango mai wayoyi yana jera kayansa inda tukunyata take.

Sai aka zo kan kaza. Ina sayen kajin gidan gona da ransu, dubu goma kowace, guda goma kullum. Yaya ya ce a auna su da rai. Kaza ta ƙi yarda da binciken, ta yi tsalle daga sikeli ta bar masa shaida a takalmi, sai da aka sa ta a bokiti aka cire nauyin bokitin. Kilo biyu da rabi. Uku muka gwada don kada a ce ɗaya ce ta zo a rame, duk nauyinsu ya zo kusa da juna.

"Kilo dubu huɗu ke nan," in ji Yaya. "Kaza ta fi nama arha nesa."

Aka yanka, aka fige, aka fitar da hanji, ya sa aka auna har gashin. Na rarraba ta yadda nake yi kullum, cinya da ƙirji da fiffike, yanka takwas masu shiga faranti. Mijina ya karanta kilo ɗaya da rabi. Kilo guda cif ya tafi a jini da gashi da hanji da kai da sauran tarkace. Yaya ya raba dubu goma gida takwas, ya samu dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin. Ni kuwa dubu ɗaya da ɗari biyu nake sayar da yanka. Ashe kowane mai ciniki da ya yaba wa kazata, naira hamsin nake bin sa da ita kyauta, ban da mai da gas.

Na ɗauka magana ta ƙare, amma Yaya mai gaskiya ne a aikinsa. Ya nuna tiren da na ware gefe.

"Tsaya tukuna. Wannan ba shara ba ne. Ƙundu da hanta da wuya da ƙafafu da baya, in za a sayar, nawa za su yi?"

Na ce ƙundu da hanta in an soya da yaji ɗari biyar, sauran a farfesu kamar ɗari bakwai.

"To, a cire dubu ɗaya da ɗari biyu daga kuɗin kaza. Saura dubu takwas da ɗari takwas, a raba takwas, dubu ɗaya da ɗari ɗaya. Akwai riba ke nan." Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. "Kaji goma kullum. Ina kuɗin ƙundu goma? Kuma yanka tamanin ya kamata ki sayar, ƙanena ya ce saba'in da shida kike sayarwa. Ina huɗu?"

Na dubi mijina, mijina ya dubi sikeli kamar zai yi masa magana.

"Shirun nan shi nake nema," in ji Yaya, murya a sanyaye, irin ta wanda ya saba kama manyan ma'aikata. "Akwai bakin da ke cin shagon nan kullum. Ko dangin wane ne, yau za a san shi."

Ana kiran azahar facalata ta yi sallama. Ba ta san me ake ciki ba, ta gaida mijinta, ta miƙo mini kular kamar kullum. Na karɓa. Na ɗora ta babu komai a kan sikeli, mijina ya danna ya mai da shi sifili, kamar yadda aka yi wa bokiti. Na zuba ƙundu goma da hanta a sama, cinya biyu da ƙirji biyu a tsakiya, kayan farfesu a ƙasa. Na rufe, na mayar kan sikelin, na ja da baya na sunkuyar da kai.

"Yaya, kun ce duk abin da zai fita."

Yaya ya dubi kular da ya sani tamkar hularsa. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Wannan ai zumunci ne," ya ce. "Ba a ɗora zumunci a sikeli."

"Ya riga ya hau, Yaya," in ji mijina, a hankali. "In karanta?"

Yaya bai ce a karanta ba, bai ce kada a karanta ba. Ya tashi ya tafi masallaci, facalata ta ɗauki kularta tana tambayata da ido ko lafiya.

Da ya dawo ya zauna ya yanke hukunci kamar ba abin da ya faru. Maganar mai wayoyi ba ta sake tasowa ba. Ya ce daga yau tsoka zalla za a riƙa saye, a ƙara farashin kaza, hawan tsakiya na kula kuma a dakatar da shi har sai an ga hali. Saura ƙundu. Mijina, wanda bakinsa ya buɗe ranar, ya ce akwai masu sayar da yankakkiyar kaza a kasuwar Kawo, cinya da ƙirji da fiffike zalla, girman namu, yanka yana kamawa dubu ɗaya da ɗari biyu. Lissafi ya fito fili. Kaza sukutum ta fi arha idan za a sayar da ƙundu da tarkacenta, idan kuwa kyauta za su tafi, yankakkiya ta fi.

Na zuba ido in ga wadda Yaya zai zaɓa. Ya daɗe yana shafa gemu. Na san abin da yake hangowa, wato wani ƙaramin akawu zaune a shagonsa yana cin ƙundu da kuɗinsa, alhali babban gida na da rai.

"A sayi yankakkiya," ya ce. "Ta fi tsafta."

Naira ɗari a kowane yanka tsaftar nan take ci na har gobe, kuma ban taɓa ƙorafi ba, makulli na cikin jakata.

Ranar Litinin da azahar facalata ta zo da kula. Na zuba mata shinkafa da miya har baki, na rufe da ladabi. Ta buɗe hawan sama, ta leƙa, ta sake leƙawa.

"Ina ƙundun Alhaji?"

Na ce, "Kazar da Yaya ya zaɓa mana ba ta da ƙundu."