Maganin Baba Mai Agogo

Duk wanda ya zauna a kasuwar Mont-Bouët a shekarun nan ya san Inna Ƙulu mai yaji da daddawa. Daga Kano miji ya kawo ta Libreville, ya rasu ya bar ta da tebur ɗaya. Ba ta yi karatun boko ba, amma in ka ce mata haƙorinka na ciwo kana karɓar canji, to ka sani ranar da ka dawo sai ta tambaye ka an cire ko ba a cire ba.

Kuma da dabara take yi. In ka faɗa mata abu, sai ta maimaita maka shi a take, ta tambayi rana. "Laraba za a kwance ɗinkin? Wannan Larabar ko ta sama?" Bayan la'asar tana kan abin salla za ta bi ranakun mako ɗaya bayan ɗaya, ta tuna wa ke da me. Abin farin ciki a gaban jama'a take tambaya. Na ciwo ko na kunya sai ta jira kowa ya watse.

Kusa da teburinta akwai wani tsoho mai gyaran agogo, kowa Baba Mai Agogo yake ce masa. Kullum suna cikin tsiya.

"Baba, agogon Hadidja da ka gyara jiya, yau gudu yake kamar taksin unguwar PK8."

"Ƙulu, yajinki ne ya shiga ciki."

Da aka karya darajar kuɗin sefa, maganin hawan jininsa ya ninka kuɗi. Wata rana ta gan shi yana raba ƙwayar magani gida biyu da tsinken gyaran agogo. Ta jira mai sayen barkono ya tafi.

"Baba, rabi kake sha yanzu?"

"Rabi ma Allah ya sa albarka. Wannan kwalin zai kai ni tsakiyar azumi."

"Sha biyar ga azumi ke nan?"

"Ke dai da bin diddigi!"

Ta karɓi kwalin ta dube shi sosai: fari, da jan layi a gefe.

A azumin ne wa'adin da aka ba baƙi marasa katin zama ya cika. Inna Ƙulu tana da nata. Baba kuwa nasa ya daɗe da mutuwa, kuɗin sabuntawa ya fi ƙarfinsa. Ran sha uku ga azumi ya fito daga masallaci bayan azahar, aka tare layin, aka loda shi da sauran marasa kati a mota. Aka ce an kai su Owendo, bakin teku, su jira jirgin ruwan da zai mai da su gida.

Mutane suna ta jajen teburinsa. Ita kuwa abin da ke ranta, kwana biyu ya rage maganin ya ƙare, in ma yana aljihunsa. Washegari ta shiga kantin magani uku kafin ta ga kwali mai jan layi. Ta saya, ta haɗa da dabino, ta hau taksi da azumi a bakinta.

A Owendo, a ƙofar babban siton da aka tsare su, ta tarar da mai kaki da takardu a hannu. Da guntun Faransancinta ta yi bayani. Mutumin bai yi mata tsawa ba. Ya ce ta faɗi sunan, zai sa a miƙa.

"Baba Mai Agogo."

Ya bi takardun da yatsa. Ya ce sunan da ke cikin fasfo yake nufi.

Nan Inna Ƙulu ta tsaya. Shekara tara suna maƙwabtaka. Ta san ba ya cin kuɓewa. Ta san 'yarsa Fadima ta yi ɓari sau biyu. Ta san ruwan sama na tayar masa da ciwon gwiwa. Amma sunansa na yanka? Yaushe mace za ta dubi sa'an ubanta ta ce, yaya sunanka?

Ta ce tsoho ne, yana da tabarau mai ɗaurin zare. Mai kakin ya ce tsofaffi sun fi ɗari a ciki, magani kuma ba ya barinsa ya shiga ba suna, kar wani ya sha ya mutu a hannunsa.

Ta koma kasuwa. Liman ya ce shi Malam Mai Agogo ya sani. Mai gidan hayarsa ya ce "le vieux", wato tsoho, yake ce masa. Salman mai kanti, wanda suka zo ƙasar tare da Baba, ya riga ya bi jirgin makon jiya. Wani ya ce kamar Abdulƙahar ne, ko Abdulƙadir.

Ran sha biyar ta koma da sunayen biyu. Aka sami Abdulƙadir huɗu a takarda, aka fito mata da su ɗaya bayan ɗaya. Duk samari. Ta ba su dabinon.

Ran sha shida da ta isa, ƙofar siton a buɗe take, ana share ciki. Jirgin ya tashi da safe. Ta tambayi mai shara ko ya ga wani tsoho mai tabarau, da ƙafarsa ya hau ko ɗaukarsa aka yi. Ya ce shi bayan sun tafi ya zo.