Akwatin da ya cika da muryar Inna

Wasiƙar ta fito ne daga jami'in kwamfuta na babban ofishinmu, mutumin da ban taɓa gani ba amma na san shi da son ba da umarni. Ya ce nan gaba kaɗan za a fara aiki da iyakar da aka sa wa akwatin imel na kowa. Wanda ya kusa cikawa zai ga gargaɗi, wanda ya wuce za a hana shi aikawa, in ya ƙara gaba a daina karɓar masa saƙo. A ƙarshe ya gode mana da haɗin kan da ba mu bayar ba tukuna.

Lokacin ina aiki a Anka, a ofishin wata ƙungiya mai bibiyar yaran da gubar dalma ta taɓa. An rufe layukan waya saboda 'yan bindiga, hanya kuma ba ta biyuwa. Intanet ɗin tauraron ɗan'adam na ofis kaɗai ya rage mana. Inna tana ƙauyenmu can wajen Bukkuyum. Wani malamin asibiti, abokin aikinmu na reshen can, yakan shiga ƙauyen in an samu lafawa. Sai ya danna mata wayarsa ya koma gefe, ta yi magana, in ya dawo ofis ya turo mini. Da ya aika yake gogewa daga wayar, don ba a son a tare mutum a hanya a same shi da muryoyin mutane.

Ni ne ɗan fari, saboda haka Inna ba ta kiran sunana, ba ta ma yi mini magana kai tsaye. Sai dai a gaya wa wancan gero ya yi kyau, a gaya wa wancan akuya ta haihu. Waɗannan saƙonni, da hotunan katunan asibitin yara da ake turo mini, su suka cika akwatina.

Na yi iya ƙoƙarina. Na share hotunan barka da Juma'a da direbanmu ke aika wa kowa da kowa, na duba, ko gezau. Ashe abin da ka goge yana nan cikin kwandon shara ana lissafa maka shi, sai ka zazzage kwandon. Na zazzage, bai isa ba. Katunan yara ba na taɓawa ba ne. Na gwada tura muryoyin zuwa imel ɗina na kaina, saƙon ya dawo, wai an hana fitar da komai waje saboda sirrin marasa lafiya. Ramin sa filashi a kwamfuta don kwafe abu ma a toshe yake. Na rubuta wa jami'in, ya amsa da ladabi cewa zai buɗe mini ma'ajiyar tsofaffin saƙonni, amma akwai layi, ina bayan mutane da yawa. Haushi ya kama ni, na rasa wanda zan sauke wa, domin mutumin bai yi ƙarya ba ko sau ɗaya.

Aka hana ni aikawa. Na koma roƙon akwatin maƙwabcin teburina ina tura rahoto, ina jiran layi ya zo kaina. Goge muryar Inna kam hannuna ya ƙi. Da na ji shiru daga Bukkuyum na ɗora wa hanya laifi, har ranar da maƙwabcin nawa ya juyo da kwamfutarsa ya nuna mini. Malamin asibitin ne yake tambaya ko lafiya, saƙon da ya turo mini ya koma masa, an ce akwatina ya cika.

Ranar na kunna muryoyin ɗaya bayan ɗaya ina ɗauka da wayata, janareto yana ruri a bayana, sannan na goge su. Na roƙi malamin ya sake turo na ƙarshen. Ya ce ai shi ma wasiƙar nan ta same shi, ya share duk abin da ya aika kafin ya lura nawa bai shiga ba. Abin da ya sani kawai, maganar ta fi ta kullum tsawo. Ƙauyen kuma ya daina shiguwa.

Sai bayan watanni na ga Inna, a Gummi, gidan ƙanwarta, inda ta iso da ƙafa tare da sauran waɗanda suka gudo. Ta rame ƙwarai. Na durƙusa na gaishe ta, na tambayi abin da ta faɗa a saƙon nan. Ba ta dube ni ba, ƙanwar tata ta kalla.

"Cewa niy yi a hwaɗa mai shi zo shi ɗauke ni," in ji ta. "Da nij ji shiru, nis san babu hali."

Na ce me ya sa ba ta sake aikowa ta wata hanya ba. Ta gyara mayafinta, ta ce ai ta riga ta faɗa sau ɗaya.