Kawu Ya Cire Tabarau

Shekara goma sha tara Kawu, ƙanin mamata, ya yi yana sayar da tabarau na karatu a bakin ƙofar kasuwa. A kan teburinsa akwai tsohuwar jarida, da ƙaramin madubi, da allura da zare. Ba ya tambayar mutum lambar da yake sawa. Allura yake miƙa masa, ya yi ta canza masa tabarau daga ƙaramar lamba zuwa babba har zare ya shige. Wanda ya ce idonsa na ciwo ko yana ganin hazo kuwa, asibiti yake tura shi.

"Ni ba likita ba ne," in ji shi. "Aikina in rage wa mutane tsawon hannu. Ba ki ga yadda suke miƙe takarda can nesa ba, kamar tana wari?"

Da aka gyara kasuwar sai aka kwashe masu tebur daga bakin ƙofa. Kawu ya sami wuri a saman bene, bayan masu labule. Masu sayen kayansa duk sun haura arba'in, gwiwoyinsu ba sa shiri da matakala, kuma yawancinsu ba su ma san inda ya koma ba. Wata uku yana goge tabarau da babu wanda ya taɓa. Surukinsa ya samo masa aikin gadi a wani sito, Kawu ya ce a ba shi zuwa ƙarshen wata. In ba a ga canji ba, zai naɗe teburin.

Ran Asabar ya zo gidanmu ya ajiye mini wayarsa.

"'Yar boko, ga aiki. Na roƙi mutanena su ɗauko kansu a waya suna yabona. Haɗa mini talla."

Bidiyo goma sha ɗaya ne. Na kalle su ɗaya bayan ɗaya, ina rubuta abin da ke ciki da daƙiƙar da yake. Kowa da gaisuwa ya fara: ya gida, ya iyali, ya kasuwa. Wani direba ya ɗauki hancinsa da rufin mota kawai. Wani malamin makaranta ya yi minti huɗu, har da "abu na biyu". Mutum bakwai kuma sun rufe da cewa, "Ku same shi a bakin ƙofar kasuwa," wato inda ba ya nan.

Kawu ya riga ya tsara komai a kansa. Shi zai buɗe da jawabi, ya gaishe da jama'a, ya ba da tarihin sana'ar, sannan mutane su shigo bisa tsarin shekaru, babba kafin ƙarami.

Na ce a hankali, "Kawu, daƙiƙa talatin gare mu. Idan uku na farko ba su tsayar da mutum ba, ya wuce."

"Daƙiƙa uku? Ko sallama ban gama ba!"

"Ai shi ya sa za a cire ta."

"A cire gaisuwar mutane? Me suka koya miki a jami'ar nan?"

Na buɗe masa bidiyo na tara, wanda shi ya ce a jefar. Anti Tela ce, wadda ke ɗinki a unguwarsu, 'yarta ta ɗauke ta. Ba ta gaishe da kowa ba. Tana zaune a bakin keke tana ta cakar iska da zare, ta lasa, ta sake, ya kauce. Ta yi tsaki, ta zaro tabarau daga aljihun keken, ta sa, zare ya shige tashi ɗaya. Sai ta dubi wayar ta ce, "Mai tabarau bai kyauta mini ba. Yanzu har furfurata nake gani."

"Wannan ai zagi ne," in ji Kawu.

Mama, da ke tsintar shinkafa a gefe, ta yi dariya har tire ya karkace. "Zagin ya fi jawabinka daɗi. Sa shi a farko."

Haka muka jera. Farko matsala, wato zaren da ya ƙi shiga. Sai tabarau da zaren da ya shige. Sai shaida: jimla ɗaya daga malamin, da muryar direba a kan hoton teburin Kawu, tunda hancinsa ba zai sayar da komai ba. Na yanke duk inda aka ambaci bakin ƙofa. Bidiyoyin da aka ɗauka a kwance na ajiye su gefe, don tallar a tsaye za ta fita kamar yadda ake riƙe waya. Na daidaita ƙarar muryoyin kada wani ya yi raɗa wani ya yi ihu. Kawu ya kira mutum ukun ya nemi izininsu. Anti Tela ta ce ta yarda, amma kada a taɓa maganar furfura.

A ƙarshe na sa sabon adireshi da lambar waya, da siririn rubutu fari mai kyau, a ƙasan hoton. Muryar Kawu ba ta fito ko sau ɗaya ba. Ya kalla sau biyu fuska a ɗaure, ni kuma na ɗauka fushi yake.

Sai ya cire tabaransa ya ajiye a kan gwiwa. Ya miƙe hannu da wayar can nesa, ya kanne ido, ya sake kunnawa.

"Mene ne wannan farin zaren a ƙasa?"

"Adireshinka ne, Kawu."

"To. Wa kike so ya karanta shi?"

Na sake duban siririn rubutun.

"Wanda ya iya karanta wannan," in ji shi, "ba ya bukatata. 'Yar boko, kin yi wa makaho nuni da baki."

Mama ta ce, "Yau kam an ci jami'a da ɗaya."

Washegari da safe muka je kasuwa. Na tsaya a tsohon wurinsa, na riƙe waya a tsaye, na bi bayansa daga ƙofa zuwa matakala, ta gaban masu labule, har teburin. Na ƙara wa tafiyar sauri ta koma daƙiƙa takwas. Rubutun ya zama kalma uku manya, baƙi a kan rawaya, sun cika allon: BENE, BAYAN LABULE. Lambar waya ta sami allonta ita kaɗai. Muryar Kawu kuwa, wadda za ta faɗi adireshin da baki, a ɗakin Mama muka ɗauka, ƙofa a rufe, fanka a kashe, saboda hayaniyar kasuwa ta cinye ta farko.

Sau shida muka maimaita, don kullum sai ya fara da "Jama'a barkanmu". A na bakwai ya haƙura ya ce, "Na bar bakin ƙofa, ina sama. Matakala ashirin da biyu ne, a hau a hankali, akwai kujera."

"Kujera kuma?" na tambaya.

"Zan aro ta mai labule."

Ya tura wa duk lambobin da ke wayarsa, Anti Tela ta tura wa ƙungiyar teloli. Kwana biyu shiru, sai kira uku, biyu daga ciki masu son jin ko furfurar gaske ce. Surukin ya aiko a tambayi lambar takalmin Kawu, saboda kayan gadi.

A rana ta uku na kai masa abinci. Ina juye masa a kwano sai muka ji muryarsa tana tahowa daga wajen matakala: "A hau a hankali, akwai kujera." Wani dattijo ne ya ɓullo ta tsakanin labulaye yana haki, ya miƙe waya a gabansa iya tsawon hannunsa. Bayansa mata biyu, ɗaya na dafe da gwiwa.

Dattijon ya zube a kujerar. "Kai ne mai tabarau? To ƙarya ka yi. Ashirin da huɗu ne, na ƙirga."

"Da na faɗi gaskiya ai ba za ka hau ba, Baba," in ji Kawu, ya ture kwanon gefe ya miƙa masa allura da zare. Sannan ya juyo gare ni. "Je ki ce wa mai labule ya ƙaro kujera biyu. In kin koma gida kuma, ki ce mamarki ta faɗa wa surukina takalmin ba zai yi mini ba."