Makirufon da na kasa toshewa

Shekara talatin da wani abu na yi ina gyaran rediyo a wata rumfa a kasuwar Sabon Birni, ina kuma ba da hayar lasifika ga masu wa'azi, walima da saukar karatu. Karatuna bai wuce firamare ba, amma tunda na iya riƙe ƙarfen dalma, sai na ɗauki kaina injiniyan ƙasar Gobir baki ɗaya.

Ina da taubashi a Isa, ɗan ƙanwar mahaifina. Shi ma ya shiga hayar lasifika, ya sayo makirufo maras waya, mai aika murya a tashar FM guda ɗaya. Malamai suka so abin, don suna iya wa'azi suna zagaya fili ba igiya a ƙafarsu. Ayyukana suka fara komawa Isa.

Da mai hankali ne, da ya sayi irin nasa. Ni kuwa, da yake ilimi ya yi mini yawa, sai na haɗa wata 'yar na'ura daga tarkacen rediyo, wadda ke watsa ƙara a daidai tashar makirufonsa. Nakan sa ta a jaka, in zauna a sahun gaba, in kunna. Lasifika ta ɗauki shuuu, malami ya fusata, taubashina ya yi ta murɗe-murɗe yana gumi. Ni kuma in matso da fuskar tausayi.

"Taubashi, ko dai aljanun kufan Alkalawa ka ɗauko haya?"

"Kai dai ka san su, maƙwabtanka ne," ya kan ce, yana dariyar dole.

Shekara biyu ina wannan aikin alheri. Ya canza makirufo sau biyu, kowanne na lalubo tasharsa a rediyona cikin minti kaɗan. Har rubutu ya yayyafa wa akwatin lasifikar. Daga ƙarshe ba wanda ke kiransa sai wata Islamiyya a Isa, mai yin sauka duk shekara. Shugabanta ya gaya masa cewa in abin ya sake lalacewa bana, sun rabu. Da na ji, sai na yi addu'ar Allah Ya sa a dace, na je na yi cajin batir.

Saura mako biyu sauka, babbar ɗiyar taubashina ta zo rumfata. Tana aure a Sakkwato, ta karanci sadarwa, tana aiki da masu kula da turakun waya. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta fito da sabon makirufo.

"Baba, na kawo ka sa mashi albarka. Wanga ba shi zama tasha guda."

"To ina yake zama, bisa icce?"

Ta ce yana aiki a wani yanki na iska da ke can sama da FM nesa, inda kyamarori marasa waya ke aiki. An yanka yankin zuwa ƙananan tashoshi masu yawa. Makirufon yana mai da murya lambobi, ya gutsuttsura, ya aika gutsure ɗaya a wannan tasha, ya yi tsalle zuwa wata, sau ɗaruruwa kafin ka ƙifta ido. Shi da akwatin karɓa sun riga sun daidaita jerin tsallen tsakaninsu, wanda ba ya cikin shirin kuwa bai san inda za su sauka ba.

"In wani ya tsaya bisa tasha guda yana ihu fa?" na tambaya, kamar ba ruwana.

"Gutsuren da ya faɗa can kawai za shi ɓata, Baba, a sake aiko shi ta wata tasha. In sun ga tashar kullum da ƙara, su cire ta cikin jerin. In kuwa ya ce duk za shi rufe, ƙarfin nashi ya rarrabu, ko'ina ya samu kaɗan. Sai in yana da ƙarfi mai yawan gaske, ko ya zo dab da akwatin."

Ta faɗi haka tana duban jakar da ke rataye a bayana. Yau na san gargaɗi ta kawo mini, cikin ladabi, don in janye da mutuncina. A ranar kuwa abu ɗaya na ji: kyamarori marasa waya. Na raka ta bakin hanya ina yi mata godiya, har zuciyata.

Na haura Maraɗi na samo tsohuwar na'urar aika hoton kyamara, mai watsawa a wuri guda na wannan yankin, ba ƙaƙƙautawa. Na haɗa ta da batirin babur. A lissafina na injiniya, ƙarfi shi ne komai.

Ranar sauka, da hantsi, na zauna ƙarƙashin rumfa da jaka mai nauyin jariri a cinya. Sahun gaba na manyan baƙi ne, akwatin karɓa kuma ɗiyar taubashina ta ɗora shi can nesa da ni, kusa da mai karatu. Ɗaliba ta farko ta fara, na kunna. Muryar ta ɗan yi tuntuɓe sau ɗaya, kamar mai haɗiye yawu, daga nan ta miƙe tas. Na kashe, na kunna. Na juya jakar gabas, na juya ta yamma. Na'urata tana can tana tsare da 'yan tashoshinta da gaske, makirufon kuwa ya bar mata su ya ci gaba da tsalle a sauran. Batir ya fara ɗumi a cinyata. Wani dattijo kusa da ni ya tambaya ko ciki ke damuna.

Da aka yi hutun shan ruwa, sai ga ɗiyar a gabana, mahaifinta na bayanta.

"Baba, kawo jakar in riƙe maka, ta yi maka nauyi. Shekara biyu kana ɗauka."

Ta ce tsofaffin makirufon nan biyu ta gwada su a Sakkwato, lafiyarsu lau. Ta kuma lura aljanun ba su zuwa taro sai wanda na halarta.

Taubashina ya buɗe jakar, ya daɗe yana kallon wayoyin. Na jira zagi. Da ya zage ni, da na samu sauƙi.

"Aikin ya yi kyau," ya ce. "Dalmar nan taka ce, ko cikin dubu na gane ta. Da ka ce in bar maka Sabon Birni, ai da na bari."

Na ce ya yafe mini. Ya ce yafiya mai sauƙi ce, amma ba gare shi kaɗai na yi ɓarna ba. Mutane sun ce kayansa na da aljanu, har wasu sun daina haɗa tabarma da shi a wurin ɗaurin aure. Ya miƙo mini makirufon.

"Tashi ka gabatar masu da aljanin."

Na tashi. A gaban malamai, iyaye da ɗalibai na faɗi abin da na yi, tun daga na'urar farko. Sai da na kai tsakiya na tuna ban kashe ta jakar ba. Ban taɓa roƙon wata na'ura ta yi aiki kamar yadda na roƙe ta a lokacin ba. Ko harafi ɗaya ba ta ɓata mini ba. Masu sayar da rake a bakin titi ma sun ji komai.

Islamiyyar ta ci gaba da kiransa, sauran malamai suka dawo masa ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa na koma gyaran rediyo zalla, don ba mai son lasifikar aljani a walimarsa. Ranar kasuwa yakan biyo ta rumfata ya sha fura. Kafin ya zauna, sai ya ɗaga jakata ya jijjiga.