Kwantenar da Na Haɗa da Littafin Baba

Ni ce na haɗa kwantenar da ta raba Baba da aikinsa.

Ofishinmu ɗaki biyu ne a saman wani shagon taya a Sabon Gari, muna rubuta manhaja wa ƙananan shagunan magani. Baba, kamar yadda duk muke kiransa a ofis, shi ya fi kowa daɗewa. Bayarabe ne haifaffen Zariya, Hausarsa ta fi tawa, dattijo ne kuma a cocinsu. Hannunsa ya yi sanyi wajen rubuta sabon abu, wannan kowa ya sani. Amma duk wanda aka ɗauka aiki, sai ya yi mako biyu a gefen teburin Baba kafin manhajarmu ta yarda ta tashi a kwamfutarsa. Tsohuwar manhaja ce mai tsirfa. Sai wani tsohon PHP, yaren da aka rubuta ta da shi, sai rumbun bayanai iri kaza, sai ƙananan abubuwa barkatai da idan ka sa ɗaya kafin ɗaya komai ya rushe. Duk wannan yana cikin wani littafi mai baƙin bango da Baba ke ajiyewa a durowa.

Ni ma na yi nawa makon biyun, kuma wallahi na ƙosa. Kullum in hau keke napep daga Samaru, in zo in zauna ina kallon dattijo yana lasar yatsa yana buɗe shafi. In na yi tsaki ya ce, “'Yata, sannu ba ta hana zuwa.” A raina in ce sai dai a daɗe ba a je ba.

Da na yi shekara, Oga, wato mai kamfanin, ya ce za a ɗauki sabuwar ma'aikaciya. Bakina bai iya shiru ba, na ce ni zan sa ta fara aiki ranar da ta zo. Na yi masa bayani. Maimakon kowa ya girka kayan aiki a kwamfutarsa da hannu, sai a rubuta su duka a fayil, a ajiye tare da lambar manhajar, wato rubutun da aka gina ta da shi. Fayil ɗaya yana faɗin abin da za a zuba cikin kwantena, wato wani keɓaɓɓen akwati a cikin kwamfuta da manhaja ke aiki a ciki, wane PHP, waɗanne ƙari. Wani kuma, devcontainer.json, yana gaya wa edita, abin da muke rubuta lambar a ciki, yadda zai tayar da ita da umarnin da zai bi bayan ta tashi. Sabon mutum ya sauke lambar, ya buɗe ta cikin kwantena, shi ke nan, abin da ke gabansa daidai yake da na kowa.

Oga ya ce, “Mako biyu ya koma kwana ɗaya?” Na ce ƙwarai. Ya kalli teburin Baba. Na ga kallon nan da idona, na kuma yi kamar ban gani ba, don yabo nake nema.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda Baba ya taimake ni. Ban ko roƙa ba. Ya ciro littafin ya ajiye a gabana, ya ja kujera. Kwana tara muna bi shafi-shafi, yana karantawa ina mayarwa layi a fayil. Inda ginin kwantenar ya faɗi, ya ce, “A'a, ki sa wancan tukuna, shi wannan ba ya son a riga shi.” Har shi ya tuna mini cewa intanet ɗinmu ba zai iya jan wannan ƙaton abu a rana ɗaya ba. Saboda haka na gina komai a kwamfutata, na kwafe a filashi, don sabuwar ta loda daga nan kawai.

Ta zo ranar Litinin, yarinya mai natsuwa da ta gama digiri a Samaru. Matsala ɗaya muka samu, kwamfutarta ta ƙi tayar da kwantena sai da aka shiga can cikin saitinta da ake kira BIOS aka kunna abin da ke ba ta dama. Wannan ma Baba ne ya gano. Kafin azahar manhajar ta tashi a gabanta, kafin la'asar ta gyara wani ɗan kuskure a shafin rasit ta tura. Oga ya aika aka sayo tsire. Baba ya fi kowa tafi, yana cewa, “Kun ga 'yata? Kun ga kai?”

Ƙarshen watan Oga ya kira shi ɗaki na biyu ya rufe ƙofa. Bangon na katako ne, mun ji komai. Wai kasuwa ta yi wuya, wai aikin da yake yi yanzu ya zama fayil. Baba bai ɗaga murya ba. Abin da ya ce kawai, “To, ranka ya daɗe, na gode da zaman da aka yi.”

Da ya tafi na faɗa wa Oga ofis da faɗa. Na ce wannan butulci ne, mutumin da ya riƙe manhajar nan tun ba ta da kowa. Ya bar ni na gama kumfar bakina, sannan ya ce, “Ke kika ce kwana ɗaya. Ƙarya kika yi?” Ban yi ƙarya ba. Na fito cike da haushi, kuma rabin haushin na kaina ne.

Na riƙa addu'ar Allah ya sa kwantenar nan ta lalace, a rasa mai gyara, a je a ba shi haƙuri. Ina! An ƙara ɗaukar mutum biyu, kowanne ya fara aiki ranar da ya zo. Na ji labari Baba ya nemi aiki wurare uku, duk sun ce shekarunsa sun ja, ya koma zama a rumfar wani mai gyaran waya a kasuwa. Sau biyu na kama hanya, sau biyu na juyo. Kunya ta hana ni.

Shi ya zo. Wata ranar Laraba da hantsi na ji takunsa a matakala, yana hawa yana hutawa. Ya sa rigarsa ta zuwa coci, an goge ta tas. Ya gaisa da kowa, ya leƙa ɗakin Oga ya ga ba ya nan, sannan ya ciro wata takarda a ninke daga aljihu.

“'Yata, akwai abin da na manta ban gaya miki ba, ba ya cikin littafin. Agogon cikin kwantenar nan ba namu ba ne, yana bayanmu da awa guda. In ba a saita shi ba, gwajin rasit zai riƙa ba ku lokacin da ba daidai ba. Na rubuto yadda ake yi. In Oga yana so, sai in zauna in duba sauran, don na san akwai irinsu da yawa.”

Na karɓa da hannu biyu. Mun riga mun ci karo da abin tun makon da ya tafi, amma na yi niyyar in ce masa ya cece mu, in ma gaya wa Oga haka. Ban kai ga buɗe baki ba, sabuwar yarinyar ta juyo daga teburinta, da ladabinta da murmushinta, ba ta nufin komai.

“Ai Baba mun gyara wannan tuni. Layi ɗaya ne.”

Ya ce, “Layi ɗaya.” Ya gyaɗa kai. “Madalla. Haka ake so.”

Ya ɗan tsaya yana duban inda zai zauna, ga shi an ba wani kujerarsa. Na miƙe na tura masa tawa, ya ce a'a, in zauna in yi aikina, kada ya ɓata mana lokaci. Na bi shi zuwa matakala ina cewa, “Baba, ka yafe mini.” Ya riƙe ƙarfen matakalar ya juyo, ya ce, “Me kika yi, 'yata? Aiki kika yi mai kyau.” Sannan ya miƙo hannu ya ce in ba shi takardar, tunda ba ta da amfani.