Warsame da Takardar Kaji

Warsame, tsohon direban bas a Minneapolis, sau ɗaya ya taɓa gardamar nama da matarsa Dika, ya kuwa sha ƙasa. Niƙaƙƙen nama ya sayo, irin wanda ake ɗurawa a hanji, yana ta taƙama da koren jinjirin watan da ke jikin ledar. Dika ta juya bayan ledar ta karanta masa: naman na saniya, hanjin na alade, babu kuma sunan hukumar da ta shaida halal ne.

"Alhaji, wata ka sayo mana ko nama?"

Tun daga ranar, bawan Allah ba ya shiga kanti sai da tabarau.

Da bikin 'yarsa ya taso, ya je wajen Guled mahauci sayen naman ragunan Ostireliya, irin wanda ake kawowa a kwali. Kwalayen ba hatimin kowace hukuma. Takardar shaidar da ke bango kuwa ta kaji ce, wa'adinta ma ya ƙare tun bara. Warsame ya fasa.

Guled ya harzuƙa. "Haba Kawu! Sahu ɗaya fa muke sallah!"

"Kai na sha ganinka, ɗana. Ragon ne ban taɓa gani a masallaci ba."